Kebul ɗin dish: me ya sa sigina ba ta shiga cikin ƙarfe?

Ka samu guntun kebul ɗin da ke sauko da sigina daga dish zuwa dikoda, ka fere shi har ka kai ga siririyar wayar da ke tsakiya. Ja ce jawur, kamar kowace wayar jan ƙarfe. Sai ka kusanto mata da maganaɗisu. A yawancin kebul ɗin da ke kasuwa za ka ga wayar ta manne masa, alhali jan ƙarfe na gaskiya ba ruwansa da maganaɗisu. Idan ka kankare ta da wuƙa, asiri ya tonu: baƙin ƙarfe ne a ciki, an dai yi masa riga ta jan ƙarfe.

Mai saye zai ce an cuce shi. A wannan wuri ba a cuce shi ba, domin injiniyoyi ne suka tsara ta haka da gangan, kuma hoton da zai gani a talabijin ba zai bambanta da na wayar jan ƙarfe zalla ba. Amma da za a yi wannan dabara a wayar da ke kai wuta firij ko dutsen guga, to an shirya gobara. Ƙarfe iri ɗaya, riga iri ɗaya, hukunci biyu. Abin da ya raba su shi ne yawan juyawar wutar da ke bin wayar.

Wutar batir hanya ɗaya take bi, ba ta waiwaye, kuma tana cika jikin waya daga tsakiya har baki daidai wa daida. Wutar gida kuwa kai da komo take yi. A Najeriya da Nijar tana yin zagaye 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira haz 50. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, wato wajen zagaye miliyan ɗari a daƙiƙa. Siginar da ke bin kebul ɗin dish tana tsakanin megahaz 950 da 2150, ta haura zagaye biliyan guda ke nan a mafi yawan lokaci.

Duk wutar da ke gudana cikin waya tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, har ma a cikin jikin ƙarfen. Idan wutar tana juyawa, shi ma maganaɗisun yana juyawa. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa maganaɗisu mai canzawa yana tayar da wuta a duk ƙarfen da ya ratsa, sannan a 1834 Heinrich Lenz ya nuna cewa wutar da aka tayar ɗin tana adawa da canjin da ya haife ta. To a cikin waya waɗannan ƙananan wutace suna zagaye ne ta yadda a tsakiya suke karo da ainihin wutar su rage ta, a baki kuma su bi bayanta su ƙara mata. Iya saurin juyawa iya ƙarfin adawar. Sakamakon haka sai tsakiyar waya ta zama kango, wutar ta tattaru a fatar ƙarfen. Horace Lamb ya yi lissafin wannan a 1883, Oliver Heaviside kuma ya faɗaɗa shi a 1885.

Mai ɗakin soro ya san irin wannan a jikinsa. Rana takan gasa bayan katangar laka, amma kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, sanyi ya biyo sawunsa ya goge shi. Canjin dare da rana bai cika wuce kamar taƙi guda a cikin ƙasa ba. Canjin bazara da hunturu kuwa, da yake a hankali yake tafiya, yakan nutsa mitoci kafin ya dushe. Lissafin da ke bayyana wannan shi ne dai na igiyar lantarki a cikin ƙarfe: abin da ke saurin juyawa ba ya samun lokacin yin nisa.

Wutar ba ta tsayawa cak a wani layi. Raguwa take yi a hankali, don haka masana suka ajiye ma'auni mai suna zurfin fata: nisan da za a shiga daga bakin ƙarfe kafin ƙarfin wutar ya sauko zuwa kashi 37 cikin ɗari. A ninki biyu na wannan nisa saura kashi 14, a ninki uku kashi 5, a ninki biyar ko kashi ɗaya ba ya kaiwa. Ana rubuta shi haka:

δ = 1 / √(π f μ σ)

A nan f yawan juyawa ne, σ sauƙin da wuta ke samu wajen bin ƙarfen, μ kuma yadda ƙarfen ke karɓar maganaɗisu. Dukkansu a ƙasa suke, saboda haka duk wanda ya ƙaru, fata ta ƙara siranta. Akwai abin da ke ba mutane mamaki a nan: ƙarfen da ya fi kyau wajen ɗaukar wuta shi ne ya fi hana igiya shiga cikinsa, domin a cikinsa ne wutacen adawar suka fi samun sauƙin tashi.

Ga jan ƙarfe lissafin ya taƙaita zuwa δ ≈ 66/√f, amsar a milimita. A haz 50 zurfin ya ɗan haura milimita 9. A megahaz 1 ya koma maikiron 66, kuma maikiron dubu ne ke yin milimita guda. A megahaz 100 saura maikiron 6.6, a megahaz 1000 kuma wajen maikiron 2. Sai juyawa ta ninka ɗari kafin fata ta ragu ninki goma.

Wayar tsakiya ta kebul ɗin RG-6, wanda aka fi sakawa a dish, kaurinta kusan milimita 1 ne. Idan jan ƙarfe ce zalla, mita 100 nata yana yi wa wutar batir turjiyar kusan om 2. A megahaz 1000 kuwa sigina tana amfani ne da zoben da kaurinsa maikiron 2 ne kawai, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jikin wayar ba. Turjiyar sai ta tashi zuwa wajen om 250. Sauran kashi 99 na ƙarfen zaman kashe wando yake yi ta fuskar sigina, aikinsa kawai ya riƙe fatar kada ta tsinke. Wannan aiki baƙin ƙarfe ya fi iya shi, ga arha, ga tauri da ke sa tsinin wayar shiga ramin dikoda ba tare da lanƙwasa ba. Muddin rigar jan ƙarfen ta ninka zurfin fata sau da yawa, siginar ba ta ma san akwai baƙin ƙarfe a ƙarƙashinta ba.

Dalilin nan ne kuma ya sa siririyar takardar alminiyom da aka naɗe kebul ɗin da ita take isa ta tare igiyoyin waje, irin na wayoyin salula, kada su shiga su dagula hoto.

Sai dai kebul ɗin dish aiki biyu yake yi, kuma a na biyun ne baƙin ƙarfe yake nuna halinsa. Na'urar LNB da ke gaban farantin ba ta da batir, dikoda ce ke aika mata wuta ta cikin wannan waya, wuta mai bin hanya ɗaya. Da ƙarfin wutar ne ma dikoda ke gaya mata rukunin tashoshin da take so: bolt 13 na waɗanda ke da alamar V a allon saiti, bolt 18 na masu alamar H. Ita wannan wuta ba ruwanta da fata, duk jikin wayar take bi, kuma wayar baƙin ƙarfe mai riga tana yi mata turjiya wajen ninki huɗu na ta jan ƙarfe zalla, kusan om 9 a mita 100. Idan LNB na jan kashi uku cikin goma na amfiya, an yi asarar kusan bolt 3 a wayar tsakiya kaɗai, ban da ta ragar da ke kewaye. Bolt 18 ya dawo 15 ko ƙasa da haka, wurin da LNB ke fara ɗaukarsa a matsayin 13. Alamar a bayyane take: tashoshin V suna fitowa garau, na H sun ɓace ko suna zuwa suna tafiya. Sau da yawa sai a hau rufi ana ta juya faranti, alhali matsalar a tsawon kebul take. A mita 15 ko 20 na gidan talakawa ba za a ga wannan ba. A otal ko gidan bene mai dogon ja, ko inda aka sa injin juya faranti mai jan wuta da yawa, kuɗin kebul na jan ƙarfe zalla bai tafi a banza ba.

Matsala ta biyu ta damina ce. Tunda siginar a saman fata take, duk abin da ya taɓa fatar ya taɓa ta. Ruwa ya shiga ta bakin mahaɗar da ba a naɗe da kyau ba, rigar jan ƙarfen ta yi kore ko ta cinye, siginar ta faɗa kan tsatsa da baƙin ƙarfe. A cikin baƙin ƙarfe fata ta fi siranta saboda yana karɓar maganaɗisu sosai, don haka asara ta yi yawa. Tashoshin da ke saman zangon, kusa da megahaz 2150, su ne suka fi saurin faɗuwa. Mai gyara da ya san aikinsa yakan yanke bakin kebul ɗin har sai ya iske waya mai sheƙi, ya sa sabuwar mahaɗa, ya rufe ta. Haka ma wajen fere kebul, wuƙar da ta karce wayar tsakiya ta cire daidai wurin da ake bukata.

A wayar gida labarin ya juye. Wayar soket mai lamba 2.5 kaurinta bai kai milimita 2 ba, daga baki zuwa tsakiya bai kai milimita guda ba, zurfin fata kuwa a haz 50 milimita 9 ne. Wutar tana cika wayar fal. Idan cikinta alminiyom ne, wanda ke ɗaukar wajen kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ko kuma baƙin ƙarfe da ya fi shi rauni nesa ba kusa ba, jan launin da ke waje ado ne kawai, wayar za ta yi zafi a ƙarƙashin lodin da aka ce za ta iya. Sai a manyan wayoyin dakon wuta masu kaurin santimitoci ne fata ke fara tasiri a haz 50, kuma can ma an saba sa baƙin ƙarfe a tsakiya don ƙarfi, alminiyom a kewaye.

Duk wannan magana ta shafi abin da ke ɗaukar wuta sosai ne. Ruwan teku yana ɗauka, amma bai kai ko kashi ɗaya cikin miliyan goma na jan ƙarfe ba, don haka igiyar FM takan shiga santimita biyu zuwa uku, ta kilohaz 20 kuma kusan mita 2. Shi ya sa sojojin ruwan Amurka suka riƙa aika saƙo ga jiragensu na ƙarƙashin teku a haz 76, inda zurfin ya kusa mita 30, har zuwa 2004 da suka rufe tashoshin. Jikin mutum ya ma fi ruwan teku rauni wajen ɗaukar wuta. Masu cewa wuta mai saurin juyawa saman fatar mutum kawai take bi, ba ta cutarwa, sun ari hukuncin jan ƙarfe ne sun ɗora wa tsoka. A cikin tsoka igiyar rediyo tana nutsawa santimitoci, tana ƙona ciki, kuma wannan ne dalilin da ake kashe na'urar watsa shiri ko a rage ƙarfinta kafin ma'aikaci ya hau kusa da eriya.