Baƙin Ciki Daban, Ciwon Damuwa Daban

Kowa ya san ranar da mutum kan tashi jiki a mace, rai a jagule, ko gaisuwa ba ya son amsawa. Wataƙila barci ne bai ishe shi ba, ko kasuwa ta ƙi, ko kuma babu wani dalili. Kafin la'asar, ko zuwa gobe, an ci abinci an yi hira, abin ya wuce. Wannan rashin walwala ne, ba ya buƙatar likita.

Baƙin ciki ya fi wannan nauyi, kuma yana da sanadi da za a iya nunawa: rasuwa, saki, karayar jari. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne tsakaninsa da ciwon damuwa, domin daga nesa kamanninsu ɗaya.

A ɗauki misalin mata biyu da ke takaba. Ta farko tana kuka, musamman in ta ga hular marigayin ko aka ambaci sunansa. Amma kukan yana zuwa yana tafiya. 'Yan gaisuwa suka zo, takan saki jiki. Jikanta ya yi abin dariya, takan murmusa. Tana cin abinci ko da kaɗan ne, kuma kafin wata huɗu da kwana goma su cika za a ga tana dawowa. Tunaninta a kan mijinta yake.

Ta biyu kuwa tunaninta ya koma kanta: "Ni ba ni da amfani, nauyi kawai na zame wa 'ya'yana." Tana farkawa tun ƙarfe uku na dare, barcin ba ya dawowa. Zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa saboda rama. Ta daina kitso, wanka ma sai an matsa, ta kan rikice a lissafin raka'a. Babban abin lura shi ne babu abin da ke faranta mata rai, ko an kawo mata jaririn 'yarta ba ta jin komai. Wannan ita ce mai ciwo, kuma cewa "ki yi haƙuri" kaɗai ba zai tashe ta ba.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi a fili yake. Sai ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai ya zauna wa mutum mafi yawan yini, kusan kullum, na aƙalla mako 2, tare da wasu alamomi kamar lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin laifin kai da tunanin mutuwa, har abin ya hana shi aikinsa da hulɗa da jama'a. Ba dole ba ne a sami dalili. Mai wadata da zaman lafiya ma yana kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 5 cikin 100 na manya na fama da shi, mata sun fi maza, kuma maijego na cikin haɗari sosai.

A wajenmu da wuya mai wannan ciwo ya ce "raina ne ba daɗi". Sai dai ya ce kansa na zafi, gabansa na faɗuwa, ko wani abu na yawo a jikinsa. Haka zai yi ta zarya kemis ana ba shi maganin maleriya da taifot. Abin da ya fi min ciwo shi ne a ce masa raunin imani ne. Mai ibada ma yana kamuwa, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Likita zai fara duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo, domin su ma suna kawo kasala irin wannan. In ciwon bai yi tsanani ba, zaman tattaunawa da ƙwararre kan wadatar. In ya yi, akwai magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warke. A nan da yawa ke kuskure: wasu su watsar a makon farko don ba su ga canji ba, wasu kuma da zarar sun ji dama, ciwon ya dawo.

Abu ɗaya ne ba a jira masa mako 2. Duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran guba daga gidan. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano.