Ƙarin Kuɗin Rajista: Sanarwa Ta Wadatar, Ko Sai Ka Amince?

A ƙarshen Fabrairun 2025 kamfanin MultiChoice ya sanar da masu DStv a Najeriya cewa daga 1 ga Maris kuɗin wata zai tashi. Tsarin Compact ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, Premium kuma daga 37,000 zuwa 44,500. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ce a dakata har ta gama bincike. Kamfanin ya ƙi, ya garzaya kotu.

A watan Mayu Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya kori ƙarar, saboda akwai irinta a gaban wata kotu. Sai dai ya bayyana cewa hukumar na da ikon bincike, amma ba ta da ikon ƙayyade farashi ko hana ƙari, sai in shugaban ƙasa ya ba ta wannan hurumi.

Mutane da yawa sun ɗauka ke nan kamfani na iya cire ko nawa ya ga dama. Ba haka ba ne. Yawancin masu DStv da hannunsu suke biya kafin su kalla. In wata ya ƙare, ka ga sabon farashi, ka biya, to biyan nan shi ne amincewarka. In ka ƙi, a yanke maka tashoshi, ba ka bin kowa, ba a bin ka.

Inda gizo ke saƙa shi ne rajistar da ke sabunta kanta, wadda ka ba kamfani lambar katin bankinka yana cira. Izinin da ka bayar a kan wani farashi ka ba da shi. A Jamus an gwada wannan a kotu. A Satumban 2022 Amazon ya ɗaga kuɗin Prime na shekara daga yuro 69 zuwa 89.90, ya aika wa mutane saƙo kawai, yana dogaro da wani sharaɗi a yarjejeniyarsa da ya ba shi damar sauya farashi shi kaɗai. Ƙungiyar masu saye ta kai ƙara, kuma a Janairun 2025 kotun Düsseldorf ta ce sharaɗin bai halatta ba, domin yarjejeniya ta mutum biyu ce.

Wannan hukunci bai hau kan kotunan Najeriya ba, amma a ganina hujjarsa daidai take: shirun mutum kan saƙon da wataƙila bai buɗe ba bai kamata ya zama izinin taɓa asusunsa ba.

Don haka in sanarwa ta iso, duba ranar da ƙarin zai fara, ka gwada ta da ranar sabunta rajistarka. Watan da ka riga ka biya bai kamata ƙarin ya shafe shi ba. In ba ka yarda ba, soke sabuntawar kafin ranar, ka adana saƙon da shaidar sokewar, domin su banki da FCCPC za su nema in an ci gaba da cire maka kuɗi.