Sitabilaiza ko Gadin Talabijin: Wanne Ya Dace da Wutar Gidanka?

A bayan kusan kowace talabijin ta zamani akwai wata 'yar takarda da aka manna, wadda ba kasafai mai gida yake duba ta ba. A jikinta an rubuta wani abu kamar haka: 100-240V, 50/60Hz. Ma'anar rubutun ita ce talabijin ɗin za ta yi aiki lafiya lau ko da ƙarfin wuta ya sauka zuwa bolt 100, haka kuma idan ya hau har 240. Caja ko adaftar dikoda, wadda ke mayar da wutar bango zuwa bolt 12, ita ma galibi rubutun da ke jikinta ke nan. Wannan layi ɗaya ya kamata mutum ya karanta kafin ya nufi kasuwar Sabon Gari neman sitabilaiza, domin sau da yawa abin da ake sayowa ba shi ne maganin ciwon da ke kashe kayan kallo ba.

A ƙa'ida, wutar da ke shiga gidaje a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar kuma 220. Amma duk wanda ke zaune a unguwa mai cunkoso ya san labarin bayan magariba: kowa ya kunna kayansa, taransifoma ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, fanka tana juyawa da ƙyar. Wannan raunin wuta shi ne aikin sitabilaiza. A cikinta akwai ƙaramar taransifoma mai matakai, da 'yan makunnai da ke sauya mataki da kansu. Su ne ke yin ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji. Tana karɓar wuta mai rauni, misali bolt 150, ta ɗaga ta zuwa kusa da 220. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da firji suna amfana da ita ƙwarai. Talabijin ta bango kuwa, wadda takardarta ta ce daga 100, tana iya cin wutar bolt 150 ba tare da ta ko yi ƙifta ba.

Abin da ya fi halaka ta shi ne wuta ta yi yawa, kuma wannan iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba.

Na farko tsalle ne na ƙiftawar ido. Idan aka yi tsawa kusa da layin wuta, ko a daidai lokacin da aka dawo da wuta, ƙarfin na iya haurawa zuwa bolt dubbai na wani ɗan mitsitsin ɓangare na daƙiƙa. Makunnan sitabilaiza ba su da saurin da za su tare wannan. Maganinsa shi ne soket mai kariya daga tsallen wuta, wanda a cikinsa akwai wani ɗan faifai, yawanci shuɗi, da ake kira barista. Muddin wuta tana daidai, faifan ba ya yin komai. Da ta yi tsalle sai ya buɗe mata hanya ta wuce ta gefe maimakon ta shiga talabijin. Ana auna juriyarsa da jul, kuma mai jul da yawa ya fi daɗewa. Sai dai duk dukan da ya sha yana rage masa kwana. Shi ya sa nagari yake da 'yar fitilar da ke nuna kariya na nan. Idan ta mutu, ko da soket ɗin yana ba da wuta, ya koma ekistenshan kawai. Da yawan masu arha da ke kan teburan 'yan kasuwa ma dama ekistenshan ne zalla, makunni da jar fitila, babu faifan a ciki.

Na biyu ya fi muni, shi ne wanda ke sa a wayi gari layi guda kowa yana ɗauke da talabijin zuwa wurin mai gyara. Taransifoma tana fitar da layuka uku masu wuta da kuma waya ta huɗu, nutural, wadda dukansu suke komawa ta kanta. Tsakanin layi ɗaya da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi kusan 400 ne. Idan nutural ta tsinke, ko ta saki a kan fal, ko ɓarayin waya suka yanke ta, sai wasu gidaje wutarsu ta yi ƙasa, wasu kuma ta haura 300 ta doshi 400, ta zauna a haka na mintoci. Alamarta ita ce ƙwai ya yi wani irin haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi sama. Barista ba zai iya shanye wannan ba, ƙonewa zai yi. Sitabilaiza ma iyakarta wajen 260, kuma wadda ba ta da tsarin yanke wuta za ta miƙa wa talabijin abin da ya rage.

A nan ne ƙaramin akwatin nan da ake rubuta TV Guard a jikinsa yake da rana. Ba ya ƙara wuta, ba ya rage ta. Yana auna ta ne, da ta wuce iyaka, yawanci kusa da bolt 260, sai ya katse. Idan ta daidaita, ko an dawo da ita bayan an ɗauke, yakan jira ɗan lokaci kafin ya saki, don wutar farko mai rawa ta wuce. Nagari kuma yana da barista a ciki. Kada a ɗauko na firji a maimakonsa: shi an gina shi ne don ya yanke idan wuta ta yi rauni, ya kuma jira kamar minti uku saboda kwamfaresa.

A ɗauki gidan da ke da talabijin mai inci 43 wadda takardarta ta ce wat 75, da dikodar GOtv ko StarTimes mai adaftar da aka rubuta 12V, 1.5A. Ninka 12 da 1.5 ya ba da wat 18, jimla wat 93. Matakin farko shi ne a sa mai gyaran wuta ya auna soket da mitarsa, da rana da kuma wajen ƙarfe takwas na dare. Idan mafi ƙarancin abin da ya gani bolt 170 ne, gidan ba ya bukatar sitabilaiza don wannan talabijin. Gadi nagari ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai nata ba. Idan kuwa wutar tana gangarowa kusa da 100, dikoda tana mutuwa tana tashi a tsakiyar shirin Arewa24, to sitabilaiza ta zama dole, kuma a duba kwalinta a tabbatar mafi ƙarancin wutar da take karɓa ya kai can ƙasa, don wasu daga 140 suke farawa.

Girmanta da VA ake rubuta shi, ba da wat ba. A raba 93 da 0.7, a samu kimanin 133. Sannan a ninka biyu, saboda idan wuta ta yi rauni sosai sitabilaiza ba ta iya ɗaukar abin da aka rubuta mata, takan koma wajen rabi. An tashi da kusan 270, don haka mai 500VA ta isa har da sarari, mai 1000VA kuma ta ɗauki sifika. Abin da ke ƙona ta shi ne ranar da aka soka dutsen guga a jikinta, wanda shi kaɗai yakan ci wat 1000. Wajen jerawa, gadin da ke yanke wuta mai yawa kaɗai ya zauna a bango, sitabilaiza ta biyo baya. Idan gadin yana yanke mai rauni ma, to bayan sitabilaiza za a sa shi, in ba haka ba zai hana ta yin aikin da aka saye ta dominsa.

Akwai ƙofar da duk waɗannan na'urori ba sa tsarewa: wayar da ta sauko daga dish ko eriya. Tsawa na iya bin ta ta shiga dikoda, ta zarce ta wayar HDMI ta kashe mashigar talabijin, alhali gadi yana zaune a bango da koriyar fitilarsa. Kuma soket mai kariya ba ya cika aikinsa sai ramin nan na uku yana haɗe da wayar da aka binne a ƙasa, abin da gidajen haya da yawa ba su da shi. Da damina, idan hadari ya haɗo, kashe makunni bai isa ba: a zare fulogi daga bango, a kuma kwance wayar dish daga bayan dikoda tun kafin a fara walƙiya.