Ka danna “Aika”, fom ɗin ya yi shiru: ina ƙorafinsa yake zuwa?

Wata yayata tana aiki a ofishin wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ta kira ni hankalinta a tashe: kwana uku iyaye na cika fom ɗin rajista a shafin makarantar, su danna maɓallin aikawa, amma ko gezau. Ba saƙon nasara, ba gargaɗi, shafin ma ba ya motsi. Wasu sun ce netwok ne, wasu sun ƙara sayen data, wani uba kuwa ya rantse ya danna fiye da sau goma.

Abin da ya fi ba ni takaici a irin wannan shi ne, galibi shafin ya riga ya faɗi abin da ke damunsa. Sai dai a wani ɗaki na baya ya faɗa, wanda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Kowace burauzar kwamfuta tana da wannan ɗaki, sunansa Console. A Chrome ana buɗe shi da Ctrl+Shift+J, a Firefox da Ctrl+Shift+K. Ko kuma ka danna F12, ka zaɓi Console a jerin sunayen da za su bayyana a sama. Buɗe shi ba ya ɓata komai, kuma kai kaɗai kake ganinsa.

Na je ofishin, na zauna a gaban kwamfutarta, na buɗe. Akwai rubuce-rubuce masu launin rawaya da ja tun kafin in taɓa komai, kuma a nan ne sabon shiga yake ruɗewa. Rawaya gargaɗi ne kawai, ja kuskure ne, amma ba kowane ja ne ya shafi matsalarka ba. Wani na wani hoto ne da ya ɓata, wani na talla. Don haka na share allon duka da ɗan maɓallin nan mai da'ira da layi a tsakiya, na cika fom ɗin, sannan na danna aikawa idona na kan allon. Duk abin da ya fito a daidai wannan lokaci, shi ne abin tuhuma. Ga abin da ya fito:

```
Uncaught TypeError: Cannot read properties of null (reading 'value')
    at rajista.js:14
```

Turanci ne mai ban tsoro, amma gaɓa uku kawai gare shi. Ta farko, `Uncaught TypeError`, na nufin shirin da ke tafiyar da fom ɗin ya yi tuntuɓe, kuma wanda ya rubuta shi bai tanadi abin da za a yi idan haka ta faru ba, sai ya tsaya cak. Ta biyu ita ce zuciyar maganar. Kalmar `null` a harshen JavaScript na nufin “babu”. Wato an aiki shirin ya karanto abin da aka rubuta a wani gurbi, ya je ya tarar gurbin ma babu shi. Ta uku adireshi ne: fayil mai suna `rajista.js`, layi na 14. Idan ka danna adireshin, burauza za ta kai ka kan layin kai tsaye. Na danna, na ga layi na 13 da na 14:

```
e.preventDefault();
const waya = document.getElementById('lambarWaya').value;
```

A nan asirin shirun yake. Tun asali burauza ta iya aika fom da kanta: ta kwashi bayanan, ta miƙa wa babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ta buɗo sabon shafi. Amma masu gina shafuka na yanzu sukan so su duba bayanan tukuna, su aika ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. Layi na 13 shi ne yake ce wa burauza: “Dakata, ni zan aika.” Burauza ta janye hannunta. Sai shirin ya faɗi a layi na 14, bai kai ga layin da zai aika ba. Kamar ka karɓi wasiƙa daga hannun ɗan aike ka ce kai za ka kai, sai ka kwanta rashin lafiya a hanya. Ɗan aike ya koma gida da tunanin an kai, mai jira kuma na can na jira.

To, me ya sa gurbin ya ɓata? Na kai linzamin kan gurbin lambar waya, na danna ɓangaren dama, na zaɓi Inspect. Ga yadda aka rubuta shi:

```
<input id="lambar-waya" name="waya">
```

Shirin na kiran `lambarWaya`, gurbin kuwa sunansa `lambar-waya`. A idon mutum abu ɗaya ne, amma burauza ba ta yin kara. Ko babban baƙi ɗaya ya bambanta da ƙarami, ba za ta amsa ba. Daga baya muka gano an yi wa shafin kwaskwarima a makon da ya gabata, aka sauya sunan a wuri ɗaya aka manta da ɗayan. Gyaran bai ci minti biyu ba. Kwana ukun da iyaye suka yi suna wahala shi ne ya tsaya mini a rai, domin da an gwada fom ɗin sau ɗaya tak bayan kwaskwarimar, da an gani.

Akwai wani shirun mai kama da wannan da nake yawan cin karo da shi. Chrome zai rubuta `An invalid form control with name='jiha' is not focusable.` Ma'anarsa, akwai gurbin da aka wajabta cikawa, a nan na jiha, amma an ɓoye shi daga ido. Burauza ta ƙi aikawa domin gurbin fanko ne, ta so ta nuna maka shi, ba ta iya ba tunda a ɓoye yake. Mai cika fom ba shi da laifi ko kaɗan.

Wani lokaci kuma Console ba zai ba ka cikakken bayani ba. Sai ka koma Network da ke kusa da shi, ka sa alama a Preserve log don kada rubutun ya goge idan shafin ya sabunta, ka sake dannawa. Idan ba sabon layi, saƙon bai ma bar kwamfutarka ba. Idan layi ya fito, dubi lambarsa: 200 an karɓa, 404 adireshin da aka aika wa babu shi, 500 kuwa matsalar tana can wajen babbar kwamfutar, kuma ko ka sake dannawa sau ɗari ba kai za ka gyara ta ba.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: Console wurin karatu ne a gare ka, ba wurin liƙa abin da wani ya turo maka ba. Duk abin da aka liƙa a ciki yana aiki ne da ikon asusunka, kuma 'yan damfara sun daɗe suna sace asusun mutane ta nan da sunan “gyara”. Shi ya sa Chrome yake sa mutum ya rubuta `allow pasting` da hannunsa kafin ya yarda a liƙa.

Idan shafin ba naka ba ne, ba za ka iya gyara shi ba, amma za ka iya rage wa mai gyaran aikin yini guda. Ɗauki hoton jan saƙon har da sunan fayil da lambar layi, ka tabbata ba lambar sirri ko bayananka a jikin hoton, ka faɗi burauzar da ka yi amfani da ita da abin da ka danna. Matsalar ita ce yawancinmu da waya muke cika fom, kuma Chrome na Android ba shi da wannan ɗaki a fili. Sai an haɗa wayar da kwamfuta ta waya mai bakin USB, an kunna izinin masu gyara a cikinta, sannan a buɗe `chrome://inspect`. Ga wanda wannan ya yi wa nisa, ya fi sauƙi ya je kafe mafi kusa, ya buɗe fom ɗin a kwamfuta, ya danna F12 kafin ya danna aikawa.