Kuɗi Sun Tafi Lambar Da Ba Ita Ba: Ta Ina Ake Fara Bin Sawunsu?

A Najeriya ta yau, lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa a manhajoji irin su OPay da PalmPay. Da zarar an cire sifilin farko, lambobi goman da suka rage su ne asusun. Sauƙin ke nan, kuma haɗarin ke nan. A lambar asusun banki ta gargajiya, lamba ta ƙarshe tana tantance sauran, shi ya sa idan yatsa ya zame sau da yawa na'ura kan ƙi karɓa. Lambar waya ba ta da wannan mai gadin. Idan aka buga 6 a gurbin 9, ana iya faɗa wa asusun wani bawan Allah a Aba ko Ibadan, kuma tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS zai kai masa cikin daƙiƙoƙi.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Dawanau da ya sayi buhun wake, zai biya naira 85,000. Mai wake ya karanto lamba a cikin hayaniyar motoci, shi kuma ya buga, suna ya fito a fuskar waya bai tsaya dubawa ba, ya sa lambar sirri. Can sai mai wake ya ce, "Alhaji, har yanzu fa ban ga alat ba."

Abin da zai fara nema shi ne rasit ɗin cinikin. A jikinsa akwai sunan wanda ya karɓa, da lokaci, da wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubutawa Session ID. Da ita ce bankuna ke gano cinikin a tsakaninsu, don haka ya ɗauki hotonta ya adana. Idan ta hannun mai POS aka tura, ya karɓi takardar, domin kuɗin daga asusun mai POS suka fita, kuma shi ne kamfanin zai saurara.

Daga nan sai ya kai ƙorafi wurin bankinsa ko kamfanin da ya tura ta cikinsa, a take, ba gobe ba. Mutane da yawa kan ruga bankin wanda ya karɓa, amma a can ba za a ba su bayanin kowa ba, tunda su ba abokan hulɗarsu ba ne. Ya tabbata ƙorafin ya shiga a rubuce, an kuma ba shi lambar shaida.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta fayyace abin da ke biyo baya. Bankin mai turawa zai sanar da bankin mai karɓa, shi kuma ya ɗaure daidai adadin kuɗin a asusun, sannan ya nemi amincewar mai asusun kafin a mayar. A nan ne gizo ke saƙar. Banki ba ya da hurumin zare kuɗi daga asusun mutum don kawai wani ya ce kuskure ya yi, kuma da hujja: in ba haka ba, duk wanda ya biya kuɗin kaya sai ya kwashe kayan ya dawo ya ce a mayar masa. Ɗaurin kuma yana aiki ne kawai a kan abin da aka tarar. Idan mutumin ya riga ya cire kuɗin a wurin mai POS, babu abin ɗaurewa, shi ya sa awar farko ta fi satin da ke biye da ita daraja.

Tunda lambar ta waya ce, ana iya kiran mai ita kai tsaye, kuma masu tsoron Allah sukan mayar. Sai dai hikima ita ce a fara shigar da ƙorafi kafin a kira, don kada kiran ya zama gargaɗi ga mai son zuciya. A yi magana da ladabi, a tura masa rasit, a ba shi dama ya duba asusunsa. Idan ya nuna shakku, kada a zarge shi: 'yan damfara ma da wannan zancen suke zuwa, su turo alat na bogi su ce a mayar musu.

Idan ya ƙi, ko ya kashe waya, masu binciken cikin gida na bankunan biyu kan shiga tsakani. In hakan ya ci tura, sai kotu. Lauya zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa da rasit da bayanin asusu, alƙali ya ba bankin umarnin mayarwa. A kan naira 85,000 wahalar na iya biyan kanta. A kan 5,000, kuɗin lauya sun ninka abin da ake nema.

Idan kuwa bankin ne ya yi shiru har mako biyu, mai ƙorafi na iya rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, ya haɗa da lambar shaidar da aka ba shi tun ranar farko.