Gaskiya ko Jita-jita: Kan Saƙon Neman Hutun Shekara

A kamfanoni da ƙungiyoyin da ke Maradi, Tsibiri da Jiratawa, ana neman konje ta imel, yawanci da Faransanci. Layin Objet ne shugaba ke fara gani, kuma akwai maganganu da ke yawo a kansa.

"Gaisuwa ta wadatar a kan saƙo." Jita-jita. Ladabi ne a gaida babba, amma wurin gaisuwa cikin saƙo ne. Kan da aka rubuta Bonjour ko Demande kaɗai bai gaya wa darakta abin da ake nema ba. Ranar da sashen ma'aikata zai nemi saƙon da kalmar congé, sai an yi ta buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya.

"Hutu hutu ne, ba sai an faɗi irinsa ba." Jita-jita. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara. Wannan shi ne congé annuel. Izinin ɗan lokaci na biki ko rasuwa, permission d'absence, lissafinsa daban ne. Wanda ya rubuta Absence kawai ya bar mai lissafi da zato, kuma zai iya zare masa kwanaki daga inda bai yi niyya ba.

"Ya kamata ranaku su fito tun daga kai." Gaskiya ne. A ce wata mai riƙe da kuɗi a wani kamfani na Maradi tana son hutawa a Tsibiri lokacin girbin gero, kuma abokan aikinta biyu suna son watan. Sai ta rubuta:

`Congé annuel 01/10 au 30/10 : Rabi, Comptabilité`

Da kallo guda darakta zai gane ko hutunta ya ci karo da na wani. Irin hutun da ranakun ne a gaba, saboda waya tana datse dogon kai, ƙarshensa ba ya fitowa. Sunanta kuma yana da amfani idan aka tura saƙon gaba, don a lokacin sunan wanda ya tura ne ke bayyana. Idan shugaban ya saba da tsarin Amurka, gara a rubuta sunan wata, domin shi 01/10 goma ga Janairu ne a wurinsa.

"URGENT na sa a amsa da wuri." Jita-jita. Hutun shekara abu ne da ake tsarawa, don haka kalmar tana nuna an makara ne kawai. Abin da ke aiki shi ne aikawa makonni kafin ranar.

"Ana iya ɗora buƙatar a kan tsohon saƙo." Jita-jita. Idan aka danna Répondre a saƙon rahoton wata, kan zai ci gaba da ɗauke da RE: da tsohon batu, buƙatar ta nutse a cikinsa. A buɗe sabon saƙo, sannan kada a ɗaure kaya sai amincewa ta zo a rubuce.