Latsen bogi: yadda kuɗin talla ke zurarewa a intanet

A tsarin talla irin na Google Ads, mai talla yana biya ne duk lokacin da aka latsa tallarsa. Latsen bogi shi ne wanda ba mai saye ya yi ba: abokin gasa da ke son ƙarar da kuɗin wani, ko manhajar da aka saita ta riƙa latsawa, ko mai shafi da ke ƙara wa kansa kaso. Har yatsan yaro da ya kuskure a cikin wasan waya yana cikin lissafin. Google na tace wasu, ya nuna adadinsu a ginshiƙin "Invalid clicks" ba tare da ya caje su ba, amma ba duka rariyar ke riƙewa ba.

A ɗauka mai sayar da atamfa a Kano ya saba samun latsi 40 a rana, mutum uku ko huɗu su kira shi. Kwatsam latsi ya kai 200, naira dubu 20 ta kwana biyu ta ƙare kafin azahar, waya kuwa shiru. Yawan latsi kaɗai ba hujja ba ne, don kasuwa kan buɗe gab da salla. Abin da ke tona asiri shi ne baƙin ba sa wuce daƙiƙa biyu a shafin, suna zuwa ƙarfe uku na dare, wasu ma daga ƙasar da ba a kai kaya.

Matakin farko shi ne buɗe rahoton "Where ads showed", wanda ke jero shafuka da manhajojin da tallar ta fito. Idan aka tarar wasannin waya biyu sun cinye latsi 150 ba ciniki ko ɗaya, sai a sa su cikin wuraren da aka hana. Ana iya hana rukunin manhajoji ma gaba ɗaya. Wannan aiki ne na mako-mako, domin ana toshe wani rami wani na buɗewa.

Toshe adireshin IP ya fi wuya. Google ba ya nuna adiresoshin masu latsi, sai an tono su daga bayanan sabar shafin. Wanda ya dawo sau talatin a yini ana rubuta shi a "IP exclusions", ko a sa tauraro a ƙarshe, kamar `203.0.113.*`, don rufe dangin adireshin duka. Iyaka ita ce 500 ga kowane kamfen.

A nan ake yin kitso da ƙwarƙwata. Kamfanonin waya kan ɗora masu layi da yawa a kan adireshi guda, kuma adireshin kan sauya. Wanda ya toshe adireshin MTN ko Airtel zai iya korar kwastomomin kirki, ɗan damfarar kuma ya kashe data ya kunna ya dawo da sabo. Toshe IP ya fi amfani a kan adireshin da ba ya motsi, irin na ofis ko na cibiyar saba. A kasuwar da akasarin masu saye ke shigowa ta waya, hana wuraren talla ya fi tsare kuɗi.